Wasiƙar Neman Amincewar Malami Kan Na'urar Ban Ruwa Mai Sarrafa Kanta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara sai an samu ɗaliban ajin ƙarshe, daga sashen injiniyancin noma ko na lantarki ko na kwamfuta, da suke son furojet ɗinsu ya zama na'urar da za ta riƙa buɗe ruwa da rufewa da kanta a gonar makaranta. Batun ya yi fice har wasu malamai sun gaji da ganinsa. Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yi game da wasiƙar farko da ake kai wa malami. Misali guda za mu bi daga farko zuwa ƙarshe: fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 20 a gonar makaranta, an dasa tumatir, ruwa yana zuwa daga tanki ta bututun ɗigo.

Me malami yake nema a cikin wasiƙar?

Yana son ya ga cewa ka taka gonar da ƙafarka. Yawancin wasiƙun da ake mayar wa ɗalibai suna farawa ne da jerin kayan da za a saya: ƙaramin allon kwamfuta na Arduino, ma'aunin danshi, famfo, allon nuna lamba. Malami ya san waɗannan kayan, kuma ya san ana iya haɗa su a yini ɗaya a kan tebur, a tsoma ma'aunin a kofin ruwa famfo ya tsaya, a cire ya tashi. Wannan aikin aji biyu ne. Abin da ke sa ya zama aikin kammala karatu shi ne gona ta gaske, da ƙasa ta gaske, da adadin ruwan da za a iya aunawa.

Saboda haka wasiƙar ta amsa masa waɗannan: wane fili ne, ina ruwan yake fitowa, lita nawa shukar take buƙata a rana, me za ka auna don a gane ko na'urar ta yi amfani, kuma a wane wata za a yi gwajin. Kayan lantarki su zo daga baya, layi biyu ko uku sun ishe su.

Da wane harshe zan rubuta, kuma yaya tsawonta?

Da harshen da makarantarku take aiki da shi, wato Ingilishi a Najeriya da Gana, Faransanci a Nijar. Shafi ɗaya, sai takarda ɗaya a liƙe mai ɗauke da zanen filin da lissafin ruwa. Cikakken kundin shawara yana zuwa ne bayan malami ya amince.

Yaya zan lissafa ruwan da filin yake buƙata?

Nan ne zuciyar wasiƙar, kuma lissafin bai da wuya. Abu na farko da za ka riƙe: ruwa mai zurfin milimita 1 a kan fili murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Da wannan kaɗai za ka iya juya kowane adadi na milimita zuwa lita.

Abu na biyu shi ne yawan ruwan da rana da iska suke ɗauke wa ƙasa da ganye a kullum. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta tsara hanyar lissafinsa a takardarta ta ban ruwa mai lamba 56 wadda ta fito a 1998, kuma ita ce malamai suka fi sani. Ana ɗaukar adadin da ciyawa mai ƙoshin ruwa take rasawa a rana, `ETo`, a ninka shi da lambar shukar da ake nomawa, `Kc`:

```
ETc = Kc × ETo
```

Lambar tumatir a tsakiyar girmansa, lokacin da ya rufe ƙasa yana fure yana 'ya'ya, ita ce 1.15. Shi kuwa `ETo` ya dogara da gari da wata. Za ka same shi daga tashar yanayi ta makarantarku in akwai, ko daga bayanan hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ko daga manhajojin FAO guda biyu, CLIMWAT da CROPWAT. Mu ɗauki milimita 6 a rana don misalinmu, wanda ba baƙon adadi ba ne a ƙasar Hausa da rani. Ninka 6 da 1.15 ya ba ka milimita 6.9. Filinmu murabba'in mita 200 ne, don haka shukar tana shan lita 1,380 a rana. Ban ruwa na ɗigo ba ya kai duk ruwan ga saiwa, an saba ɗaukar kashi 90 cikin ɗari, sai ka raba 1,380 da 0.9, ka samu kusan lita 1,530.

Da ka rubuta wannan adadin, wasiƙar ta fara magana da kanta. In tankin gonar mai lita 2,000 ne, malami zai gane cewa dole a cika shi kowace rana a watan da shukar ta fi shan ruwa, kuma cewa murabba'in mita 200 ya kusa iyakar abin da tankin zai ɗauka. Ɗalibin da ya rubuta cewa zai sarrafa ban ruwan "dukan gonar makaranta" bai yi wannan lissafin ba. Hekta ɗaya a wannan yanayin tana buƙatar fiye da lita 70,000 a rana.

To awa nawa ruwan zai riƙa zuba?

A filinmu za a shimfiɗa layi 10 na bututun ɗigo, tazarar mita 1 tsakaninsu, kowanne mai tsawon mita 20. In kafofin ɗigon suna da tazarar santimita 30, kowane layi yana da kafa 66, gaba ɗaya 660. A jikin bututun za ka ga an rubuta, misali, lita 2 a awa. Kada ka ɗauki wannan adadin kai tsaye, domin yawanci an auna shi ne da ƙarfin ruwa na `1 bar`, wato kamar a ce tankin yana bisa tsawon mita 10. Tankin makaranta da wuya ya wuce mita 3 daga ƙasa. A irin bututun da ba ya daidaita ƙarfin ruwa da kansa, abin da kafa za ta fitar a wannan tsawon bai fi lita 1.1 a awa ba. Ninka da 660, kusan lita 730 ke nan a awa. Lita 1,530 za ta ɗauki awa 2 da 'yan mintoci.

Wannan lissafin takarda ne. Ka rubuta a wasiƙar cewa za ka tabbatar da shi a fili: a sa kofi ƙarƙashin kafa a farkon layi, da tsakiya, da ƙarshe, na minti 10, a auna da sirinji ko kofin awo. In kafar tana ba da lita 1.1 a awa, za ka tarar da kusan mililita 180. In na ƙarshen layi ya gaza na farko sosai, ko dai filin yana da hawa, ko babban bututun ya yi siriri, ko matatar ruwa ta toshe.

Wane ma'aunin danshi zan ambata?

Mai arha da ake sayarwa tare da Arduino, mai yatsu biyu na ƙarfe a fili, ba ya daɗewa a ƙasa. Wutar da ke ratsawa tsakanin yatsun cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana cinye ƙarfen, cikin 'yan makonni sai ka tono shi ya yi kore ya zaizaye. Ban da haka, gishirin ƙasa yake ji fiye da ruwa, shi ya sa ranar da aka zuba taki zai ce ƙasa ta jiƙe alhali ba a ƙara mata ko ɗigo ba.

Wanda ya fi dacewa da aljihun ɗalibi shi ne baƙin nan mai kama da wuƙa, da aka rubuta `Capacitive Soil Moisture Sensor v1.2` a jikinsa. Ba shi da ƙarfe a fili, kuma lambar da yake bayarwa tana sauka in ƙasa ta jiƙe. Shi ma yana da nasa aibun. Gefunansa a buɗe suke, ruwa yana shiga ta nan, kuma kayan lantarkin da ke samansa ba a rufe suke ba. Tsawonsa kusan santimita 10 ne kawai, alhali kana son ya ji danshi a zurfin santimita 15 zuwa 20 inda saiwa ta fi yawa, don haka dole ka binne shi gaba ɗaya bayan ka shafe kai da gefuna da gam mai ƙarfi wanda ruwa ba ya ratsawa. Ka nisanta shi da kafar ɗigo kamar santimita 10 zuwa 15. In ka sa shi daidai ƙarƙashin kafar, kullum zai ce ƙasa a jiƙe take. In ka kai shi tsakiyar layuka biyu inda ruwan ɗigo ba ya kaiwa, kullum zai ce a bushe take, na'urar ta yi ta zuba ruwa har tanki ya ƙare.

Ka nemi guda uku, ba ɗaya ba. In biyu sun yi daidai ɗaya ya kauce, ka san wanda ya lalace.

Ma'aunin yana ba ni lamba kamar 2,300. Me take nufi?

Ba ta nufin komai sai ka daidaita ta da ƙasar gonarku. Arduino Uno yana karanta lamba daga 0 zuwa 1023, ESP32 daga 0 zuwa 4095, kuma ma'auni biyu daga shago ɗaya ba lallai su ba da lamba ɗaya a ƙasa ɗaya ba. Ɗalibai da yawa suna karanta lambar a iska su kira ta sifili, su tsoma a ruwa su kira ta ɗari, su ce sun gama. Ranar kare kundi mai jarrabawa zai tambaye ka: kashi 50 na me? Ba za ka samu amsa ba.

Hanyar da aka yarda da ita ita ce ta obin da sikeli, kuma kowane ɗakin gwajin ƙasa yana da su. Ana kafa zoben ƙarfe mai cin santimita 100 na kubik a ƙasa kusa da ma'aunin, a ciro shi cike, a auna nauyi, a busar a obin mai zafin digiri 105 na awa 24, a sake aunawa. A ce jiƙaƙƙiyar ƙasar ta yi giram 164, busasshiyar ta yi 150. Ruwan giram 14 ne a cikin santimita 100 na kubik, wato danshin kashi 14 cikin ɗari. Sai ka rubuta lambar da ma'aunin ya nuna a daidai lokacin da ka ɗebi ƙasar. Ka maimaita a matakai biyar ko shida, daga jiƙe sharkaf zuwa bushe, ka zana layin da ya haɗa su. Wannan zanen ya isa ya zama rabin babi na huɗu na kundinka.

A wasiƙa jimla ɗaya ta isa: za ka daidaita ma'aunin da hanyar obin, kuma kana roƙon izinin amfani da ɗakin gwajin ƙasa. Malamin da ya ga wannan jimlar ya san da wanda yake magana.

A wane danshi na'urar za ta buɗe ruwa, a wanne za ta rufe?

Kana buƙatar iyaka biyu na ƙasarku. Ta sama ita ce danshin da ƙasa take riƙewa bayan an ƙosar da ita kuma rarar ruwan ta tsane. Ana samunta ta hanyar jiƙa ɗan wuri sosai, a rufe da leda, a dawo bayan kwana biyu a ɗebi ƙasa. Ta ƙasa ita ce inda shuka take yin yaushin da ba ta farfaɗowa. Mu ɗauka ƙasar gonar jigawa ce mai ɗan laka, iyakar sama kashi 18, ta ƙasa kashi 8. Tsakaninsu kashi 10 ne, shi ne ruwan da shuka za ta iya sha. Takardar FAO ta nuna cewa tumatir yana fara wahala in ya shanye kusan kashi 40 cikin ɗari na wannan ruwan, wato 4 daga cikin 10. Ka ga ke nan za a buɗe ruwa in danshi ya sauka zuwa kashi 14.

Maganar rufewa ce take da tarko. Abin da kowa yake fara rubutawa shi ne a rufe da zarar ma'auni ya nuna 18. Amma ruwan ɗigo yana ɗaukar lokaci kafin ya gangara zuwa zurfin da ma'aunin yake, kuma bayan an rufe ma yana ci gaba da gangarawa. Kafin ma'aunin ya ce ya isa, an riga an zuba fiye da kima. A ganina tsarin da ya fi aminci shi ne ma'auni ya yanke ko za a ba da ruwa yau, agogo kuma ya yanke tsawon lokacin. Na'urar ta duba sau ɗaya da asuba, lokacin da ƙasa ta huce, domin zafin rana yana karkatar da lambar da ma'aunin yake bayarwa.

```
if (awa == 6 && danshi < 14 && tankiDaRuwa && !anBayarYau)
    budeBawul();
if (mintiABude >= 130 || !tankiDaRuwa)
    rufeBawul();
```

Duba yadda lissafin biyu suka haɗu. Ɗaga danshi daga 14 zuwa 18 a zurfin saiwa na santimita 40 yana buƙatar milimita 16, amma ɗigo ba ya jiƙa dukan filin, wajen kashi 40 cikin ɗari yake jiƙawa a irin wannan tazarar layuka. Hakan ya dawo da shi milimita 6 da ɗoriya, kusan abin da shukar take sha a rana ɗaya. Ma'ana a tsakiyar girma na'urar za ta buɗe kusan kullum, a farkon dashe ko ranakun da hazo ya rufe rana kuma za ta riƙa tsallake kwana. A waɗannan kwanakin da take tsallakewa ne ake rage asarar ruwa, kuma su ne hujjar furojet ɗin.

Agogon yana buƙatar ƙaramin allo irin DS3231 mai batirinsa, don kada lokaci ya ɓace in wuta ta yanke.

Famfo zan sarrafa ko bawul?

In gonar tana da tanki a sama, bawul. Ka bar famfon burtsatse yadda yake, domin ba shugaban sashen da zai yarda ɗalibi ya taɓa shi, kuma yana da gaskiya.

Sai dai ka kula da irin bawul ɗin. Yawancin na solenoyid masu arha suna amfani da ƙarfin ruwan da kansa wajen ɗaga robar da ke ciki. Ƙananan na roba masu aiki da bolt 12 galibi an rubuta `0.02–0.8 MPa` a jikinsu, wato sai ruwan yana da tsawon aƙalla mita 2 a samansu, manyan na ban ruwa kuma suna buƙatar fiye da haka. Tankin mita 3 yana dab da iyaka. Alamar matsalar ita ce ka ji bawul ya yi ƙas, fitilar na'ura ta kama, amma ruwan da ke fitowa ɗan tsiyaya ne, kuma abin yana ƙara muni in tanki ya kusa ƙarewa. Mafita ita ce bawul mai ƙaramar mota da ke juya ƙwallo a ciki, wanda bai damu da ƙarfin ruwa ba, kuma ba ya jan wuta sosai sai lokacin da yake juyawa. Aibinsa guda: nau'in da aka fi samu yana tsayawa a inda yake in batir ya mutu, ko da a buɗe ne. Don haka na'urar ta riƙa auna batir, ta rufe ruwa tun kafin ya yi ƙasa.

Wutar fa?

Sola da batir, kuma wannan ma ka lissafa shi. In na'urar tana jan wat 1 dare da rana, wat-awa 24 ke nan. Ko da solenoyid mai jan wat 6 ka yi amfani da shi na awa 2, an ƙara 12, jimla 36. Batirin bolt 12 mai `7Ah` yana ɗauke da wat-awa 84, amma irin wannan batirin rabinsa ake ci in ana son ya daɗe. Farantin sola mai wat 20 ya isa ya mayar da abin da aka ci, muddin ana goge masa ƙurar hunturu. Akwatin na'urar ya zauna a inuwa, ƙarƙashin farantin ko ƙarƙashin tanki.

In saka aika saƙo ta waya da manhajar kallo daga nesa?

Kada ka yi alkawarinsu a wasiƙar. Allon SIM800L da ɗalibai suke so yana fizgar wuta har amfiya 2 lokacin da yake neman layi, kuma in wutar ba ta isa ba sai na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi. Makonni suna tafiya a kan wannan alhali tumatir yana jira. Ƙaramin katin ajiya da zai riƙa rubuta lokaci da danshi da buɗewar bawul duk rabin awa ya fi maka amfani. Ka ce in lokaci ya rage za ka ƙara saƙon waya.

Da me zan gwada na'urar don a san ta yi amfani?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada layin ɗigo mai na'ura da fangalin da ake malala wa ruwa. Ɗigo zai ci, amma ba na'urarka ce ta ci ba, bututun ne. Gwajin adalci shi ne dukan layuka goman su zama na ɗigo, biyar na'ura ce take buɗe musu, biyar ma'aikacin gona ne yake buɗewa da hannu yadda ya saba. A cakuɗa layukan, kada na'ura ta kwashe ɓangare guda na filin, domin ƙasar gabas ba lallai ta yi daidai da ta yamma ba. Iri ɗaya, taki ɗaya, ranar dashe ɗaya. Kowane ɓangare da mitar ruwansa.

A ƙarshe abin da za ka kawo shi ne litar da kowane ɓangare ya sha, da kilon da ya bayar, da kilo nawa aka samu a kowace lita 1,000. Kada ka rubuta a wasiƙa cewa na'urar za ta rage ruwa da kashi kaza. Ba ka auna ba tukuna. Kuma mai yiwuwa ne ma'aikacin gonar, in tsohon hannu ne a lambu, ya yi kunnen doki da na'urar. Wannan ma sakamako ne da ake rubutawa a ci jarrabawa da shi.

Wane lokaci ya kamata in kai wasiƙar?

Ka ƙirga baya daga rani. In aka amince maka a watan Mayu, gwajinka zai faɗa cikin damina, ƙasa ba za ta bushe ba, na'urar za ta zauna wata uku ba ta buɗe ruwa ko sau ɗaya ba. Tumatirin rani kuwa, kamar yadda ake yinsa a Kadawa da sauran wuraren noman rani, ana dasa shi ne bayan ɗaukewar damina don ya yi fure cikin sanyi, domin zafin Maris da Afrilu yana zubar masa da fure. Daga dashe zuwa gama tsinka yana cin wata uku ko fiye. In kalandar makarantarku ba ta ba ka wannan damar ba, ka sauya shuka. Alayyafo yana isa yanka cikin mako huɗu zuwa biyar kuma yana jure zafi, sai dai saiwarsa ba ta da zurfi, dole ka sake lissafin da lambobinsa kuma ka ɗaga ma'aunin sama kaɗan.

Kafin ka je wurin malami, ka fara zuwa wurin manajan gona. Shi ya san filin da ba kowa a kai, da lokacin da ake cika tanki, da inda awaki suke shigowa, da yadda ɓeraye suke huda bututu don neman ruwa da rani.

Za a iya ba ni misalin wasiƙar?

Ga yadda za ta kasance, sai ka mayar da ita harshen makarantarku, ka sa adadin da ka auno da kanka:

Zuwa ga Malam,

Neman amincewa da batun aikin kammala karatu: na'urar sarrafa ban ruwa na ɗigo a gonar makaranta

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Malam yana cikin ƙoshin lafiya, ni ɗalibinka ne na ajin ƙarshe, kuma ina neman amincewarka da wannan batu, tare da roƙon ka zama mai duba aikin.

Na ziyarci gonar makaranta na kuma zanta da manajanta. A halin yanzu ana buɗe ruwa ne da hannu ba tare da auna danshin ƙasa ba, kuma a ranakun hutun ƙarshen mako ba kullum ake samun mai buɗewa ba. Manajan ya nuna mini fili mai mita 10 a 20 kusa da tanki mai lita 2,000, wanda yake bisa tsawon mita 3, ya ce ba a shirya komai a kansa ba a wannan ranin.

Bisa lissafina, tumatir a wannan filin zai buƙaci kusan lita 1,530 a rana a tsakiyar girmansa, wato ban ruwa na awa 2 da 'yan mintoci. Ina son in haɗa na'urar da za ta auna danshin ƙasa kowace asuba, ta buɗe bawul in danshin ya sauka ƙasa da iyakar da aka sa mata, ta rufe bayan lokacin da aka ƙayyade ko in tanki ya ƙare. Za ta yi aiki da sola, kuma ba za ta taɓa famfon burtsatse ba.

Zan daidaita ma'aunan danshi uku da ƙasar filin ta hanyar obin da sikeli. Layi biyar za su kasance ƙarƙashin na'urar, biyar kuma a hannun ma'aikacin gona, in gwada ruwan da kowanne ya sha da amfanin da ya bayar.

Abin da nake roƙo daga sashe shi ne izinin amfani da filin da ruwan tanki, da ɗakin gwajin ƙasa na mako biyu. Kayan lantarki ni zan saya. Na liƙa zanen filin, da lissafin ruwa, da farashin kaya, da jadawalin aiki. In Malam ya amince, ina fatan fara daidaita ma'aunai a watan Oktoba, a yi dashe a Nuwamba.

Na gode, Allah Ya ƙara girma.

Ɗalibinka,
suna, lambar rajista da sashe

Me ya sa ba a sa kuɗin a cikin wasiƙar ba?

Saboda farashin waɗannan kayan yana bin canjin dala, ya fi kyau ya zauna a takardar da aka liƙa, tare da ranar da ka tambayo shi a kasuwa. Abin da ɗalibai suke mantawa shi ne kayan ruwa sukan fi na lantarki tsada: bututun ɗigo mita 200, babban bututu, matata, mitar ruwa biyu, mahaɗai. Ka raba jerin gida biyu, wanda za ka saya da wanda kake roƙon gona ta ara maka. Ka kuma ƙara kuɗin ma'auni ɗaya da allo ɗaya na ajiya, domin wanda ya ƙone a watan Janairu ba zai jira a kawo wani daga Legas ba.

In malam ya ce an riga an yi wannan batun a sashen fa?

Ka roƙi kundin wanda ya yi, ka karanta babi na uku da na huɗu. Ka duba ko an kai na'urar gona ko a bokiti aka gwada ta, ko an daidaita ma'aunin da obin, ko an auna ruwa da mita, da kwana nawa ta yi tana aiki ba a taɓa ta ba. Duk wanda ba a yi ba daga ciki, shi ne batunka, sai ka gyara kan wasiƙar ya nuna haka: maimakon "ƙera na'urar ban ruwa", ya zama "gwajin na'urar ban ruwa a ƙasar gonar makaranta". In kuma tsohuwar na'urar tana nan a ɗakin ajiya, ka nemi a ba ka ita ka gyara, kuɗin da ka rage ka sayi mitar ruwa da shi.